Neman Izinin Tattara Jerin Kwasa-kwasan da Jami'a Ta Wallafa Domin Binciken Digiri na Biyu

Sashen Harsunan Najeriya,
Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo,
Sakkwato.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Daraktan Tsare-tsaren Karatu,
Jami'ar Bayero,
Kano.

Ta hannun:
Shugaban Sashen Harsunan Najeriya,
Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da dukkan ma'aikatan ofishinka, ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin Hausa a sashen da aka ambata a sama. Na rubuto ne domin neman izinin ofishinka in tattara jerin kwasa-kwasan digiri na farko da Jami'ar Bayero ta riga ta wallafa ga jama'a, a shafinta na intanet da kuma littattafan jagoran ɗalibai na tsangayu da sassa, in yi amfani da su a kundin bincikena.

Kamar yadda ranka ya daɗe ya fi ni sani, a watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatu ta CCMAS a fannoni 17, wadda ta maye gurbin tsohuwar manhajar BMAS. A sabon tsarin hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita da al'ummar da take cikinta. Wannan kashi 30 ɗin shi ne bincikena ya sa a gaba. Kashi 70 iri ɗaya ne ko'ina: ɗalibin Kano da na Nsukka duk za su zauna ajin kwasa-kwasan bai-ɗaya na GST 111 da GST 112. A cikin kashi 30 ne kawai za a ga abin da jami'a ta zaɓa da kanta, kuma tambayar da nake son amsawa ita ce: wane gurbi harshen Hausa da al'adun Hausawa suka samu a cikin wannan zaɓi?

Ba a Sashen Hausa kaɗai nake neman amsar ba, domin can an san akwai. Abin da ya fi damuna shi ne sauran tsangayu. Ɗalibin likitanci da ke zagayen marasa lafiya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mafi yawan waɗanda zai tambaya "ina ke miki ciwo?" da Hausa za su ba shi amsa, kuma tsohuwar da ta ce masa "zuciyata ke tashi" ba ciwon zuciya take nufi ba. Wanda ya karanta aikin gona ya fita a matsayin malamin gona, da Hausa zai yi wa manomi bayanin taki da maganin ƙwari. Ɗalibin shari'a zai tsaya gaban alƙali a kotun da ake sauraren ƙara da Hausa, ɗalibin aikin jarida kuma akwai yiwuwar gidan rediyon da zai fara ɗaukarsa aiki na Hausa ne. Shin akwai kwas ko ɗaya da ke shirya su domin wannan, ko an bar kowa ya koya a bakin aiki? Ana yawan tafka muhawara a kan haka a tarukan masana harshe, wasu na cewa an samu ci gaba, wasu na cewa babu abin da ya sauya. A ganina muhawarar ba za ta ƙare da baki ba sai an zauna an ƙirga kwasa-kwasan ɗaya bayan ɗaya, an karanta bayanin kowanne.

Jami'o'i uku na zaɓa: tamu ta Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero. Ba zai yiwu a yi irin wannan bincike a tsallake Bayero ba, jami'ar da nazarin Hausa ya daɗe da kafuwa a cikinta tun tana Kwalejin Abdullahi Bayero, kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, kuma take zaune a birnin da ya fi kowane yawan masu magana da Hausa.

Abin da nake son ɗauka game da kowane kwas shi ne lambarsa da sunansa, yawan yunit ɗinsa, ajin da ake koyar da shi da zangon karatu, ko na dole ne ko na zaɓi, sashen da ke koyar da shi, sai kuma taƙaitaccen bayanin abin da ya ƙunsa in an wallafa. Ina son jerin na kakar karatu biyu, ta ƙarshe a ƙarƙashin BMAS da ta farko a ƙarƙashin CCMAS, domin in kwatanta. Iyakarsa ke nan. Ba na buƙatar sunan ɗalibi ko lambarsa ko sakamakon jarrabawa. Sunayen malamai, da lambobin waya da adireshin imel da kan fito a gefen wasu shafuka, ba zan adana su ba ko da sun biyo cikin shafin da na sauke. Zan goge su tun kafin in fara nazari, bisa kiyaye Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. Haka kuma ba zan kusanci fotal ɗin rajistar ɗalibai ba, ko duk wani shafi da sai da kalmar sirri ake shigarsa, kuma ba zan ari ta wani in shiga ba.

Ranka ya daɗe na iya cewa, tunda abin a fili yake kowa na iya buɗewa ya karanta, me ya kawo neman izini? Dalilina na farko shi ne yadda zan tattara. Kwasa-kwasan jami'a guda suna da yawan da kwafe su da hannu zai cinye lokacin binciken gaba ɗaya, ga kuma kurakuran da gajiya ke jawowa. Don haka wani abokin karatuna daga Sashen Kimiyyar Kwamfuta ya taimaka mini muka rubuta ɗan ƙaramin shiri da `Python` wanda zai riƙa buɗe shafukan yana kwafe abubuwan da na lissafa zuwa jadawali. Mutum ɗaya da ke karanta shafi daban yake da na'urar da ke buɗe shafuka masu yawa a jere, kuma ma'aikatan da ke kula da shafin jami'a suna da haƙƙin su san wane ne ke yi da kuma dalilinsa, kada su ga baƙon motsi su ɗauka hari ne. An saita shirin ya buɗe shafi ɗaya kacal a kowane daƙiƙa 15, tsakanin ƙarfe 11 na dare da 5 na asuba, lokacin da masu shiga suka yi ƙaranci. Zai bi duk abin da fayil ɗin `robots.txt` na shafin ya hana, kuma zai riƙa bayyana kansa da wannan suna domin a gane shi cikin sauƙi, a kuma iya tare shi in an ga dama:

```
User-Agent: binciken-manhaja-udus
```

Ba zan kunna shi a makon rajista ko lokacin fitar da sunayen sababbin ɗalibai ba. Kuma duk ranar da ofishinka ko masu kula da shafin suka ce in dakata, a ranar zan dakata, ba sai an ba ni dalili ba.

Dalili na biyu ya fi na farkon nauyi a wurina. A lokacin sauyin manhaja, abu ne da aka saba gani a kowace jami'a tsohon jeri da sabo su zauna tare na ɗan lokaci, 'yan aji ɗaya suna kan CCMAS, na gaba da su suna ƙarasa BMAS. Wanda ke kallo daga waje, irina, yana iya ɗaukar tsohon jeri a matsayin sabo, ya rubuta a kundi cewa jami'a ba ta koyar da abin da take koyarwa. Wannan zalunci ne ga jami'ar, kuma kundi kan daɗe a ɗakin karatu ana ambatonsa. Ofishinka ne ya san jerin da Majalisar Dattawan jami'a ta amince da shi. Saboda haka, bayan izinin, ina roƙon a haɗa ni da jami'i ɗaya da zan riƙa tuntuɓa idan na ci karo da jeri biyu masu saɓa wa juna, ko sashen da nasa jerin yake a littafin jagora kaɗai. Irin waɗannan littattafan a shirye nake in zo Kano in karanta su a inda aka ajiye su, in ɗauki hoton shafukan da suka shafe ni idan an yarda.

Idan kuwa ofishinka na da jerin a haɗe cikin fayil guda, kuma ya fi muku sauƙi a ba ni shi kai tsaye, hakan ya fi mini komai, sai in ajiye batun shirin kwamfuta gaba ɗaya.

Game da abin da zai biyo baya: bayanan za su zauna a kwamfutata da ma'ajiya guda ta ko-ta-kwana, dukansu a kulle da kalmar sirri, kuma daga ni sai malamin da ke duba aikina za mu gan su. Ba zan sayar ba, ba zan sake wallafa jerin a wani shafi ba. Abin da zai fito a kundin shi ne alƙaluma da jadawalin kwatanci, da gajerun misalai daga bayanin wasu kwasa-kwasai, kowanne da ambaton inda aka samo shi da ranar da aka ɗauko. Manufata ba jera jami'o'i ba ce a ce wannan ta fi waccan. Kafin in miƙa kundin ga masu jarrabawa zan aiko wa ofishinka babin da ya shafi Jami'ar Bayero domin a duba ko na yi kuskuren fahimtar wani abu. Gyaran da ya shafi gaskiyar bayani zan karɓe shi hannu bibbiyu. Sharhi da matsayar da na cimma kuwa nauyinsu na wuyana. Bayan an kammala zan kawo kwafin kundin da jadawalin da na tsara, wataƙila su yi wa ofishin amfani ranar da za a sake duba kashi 30 ɗin.

Ina fatan gudanar da tattarawar daga 11 ga Nuwamba zuwa 6 ga Disamba, 2024, domin sashenmu ya sa ni gabatar da sakamakon farko a watan Fabrairu na 2025. Zan yi matuƙar godiya idan amsa ta samu kafin ƙarshen wannan wata, ko da da wasu sharuɗɗa ne da ofishinka ya ga ya dace a ƙara. Ba zan fara komai ba sai na riƙe izinin a rubuce. Na haɗo da takardar gabatarwa daga Shugaban Sashenmu, da taƙaitaccen tsarin binciken da sashe ya amince da shi, da kwafin katin shaidata na ɗaliba. Ana iya aiko da amsa ta ofishin Shugaban Sashen, kuma idan ana son in zo in yi bayani baki da baki, ko in nuna wa masu kula da shafin yadda shirin ke aiki kafin a yanke shawara, zan zo duk ranar da aka sa mini.

Allah ya ƙara girma, ya taimake ka a kan aikin da ke gabanka.

Wassalam.

Taka mai biyayya,

Rukayya Abubakar
Ɗalibar Digiri na Biyu, Fannin Hausa
Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato