Modipas daidai yake amma sabuwar salula ta ƙi buɗe kont ɗinka: ga abin da za ka fara dubawa

Salamu alaikum ƴan uwa. Tun bayan sallah kusan kullum sai an zo mini shago nan bakin kasuwar Tahoua da magana guda, "Malam Sani na sayi sabuwar salula, na sa modipas ɗina wallahi shi ne ban canza ba, amma ta ƙi shiga". Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya samu ya tura wa na kusa da shi, don da yawa abin bai kai a biya mai gyara ko dala ba.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne tsohuwar salularka ita ma makulli ce. Google ko Facebook sun saba da ita, shekara biyu uku daga cikinta kake shiga, sun san sim ɗin da ke ciki, sun san garin da kake. Ranar da ka zo da wadda ba su taɓa gani ba, ko da kalmar sirrin daidai take sai su tsaya su ce to wane ne wannan, domin ɓarawo ma da kalmar daidai yake zuwa idan ya sace ta. Saboda haka kafin ka sake danna komai, karanta abin da aka rubuta maka a ekaran, ko ka ba wanda ke jin Faransanci ya karanta maka. Idan an rubuta Mot de passe incorrect, matsalar a rubutun take. Idan kuma an wuce nan ana neman kod ko ana cewa ka tabbatar kai ne, to kalmarka ta shiga, ƙofa ta biyu ce ta tare ka. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma mutane da yawa nan suke ɓata, su je su canza modipas mai kyau alhali ba shi ne ke da laifi ba.

Kuma don Allah kar ka yi ta maimaitawa sau goma cikin fushi. Duk kuskuren da ka yi ana ƙirgawa, in ya yi yawa sai a toshe ka na wani lokaci, a lokacin nan ko ka sa na daidai ba za a karɓa ba, kai kuma ka ɗauka kalmar ce ba daidai ba ka ƙara rikicewa. Sau biyu uku in bai yi ba, ajiye, sha ruwa, ka bi abubuwan nan.

Fara da kilabiye. Shekaranjiya wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta zo, ranta a ɓace, ta ce tun safe take fama. Na ce Hajiya rubuta in gani amma ki danna ɗan idon nan da ke gefe don haruffan su fito. Tana rubutawa ba ta ko kallon ekaran, yatsanta ya riga ya haddace wurin, sai ga q ya fito inda take nufin a. Tsohuwar tata kilabiyen Faransanci gare ta wanda ya fara da AZERTY, sabuwar kuma da ɗanta ya aiko mata daga Kano QWERTY ce, a can A da Q sun yi musanyar wuri, Z da W ma haka, M ma ba wuri guda yake ba. Minti biyu muka gama, ta yi ta hamdala. Haka nan ka duba babban harafi da ƙarami, a modipas Aicha da aicha ba abu ɗaya ba ne, ka duba sifiri da harafin O, lamba 1 da ƙaramin l. Sannan akwai fili ɗin nan da kilabiye ke ƙara maka a ƙarshe in ka zaɓi kalmar da ya kawo maka ko ka kwafo daga wani saƙo, ido ba ya ganinsa amma injin yana ƙirga shi.

In rubutun lafiya lau, duba sunan kont ɗin kansa. Mutum sai ya kasance da adireshin Gmail biyu ko uku, ɗaya mai shagon da ya sayar masa da salular farko ya buɗe masa, ɗaya yaron gida ya buɗe, sai ya haɗa adireshin wannan da kalmar wancan. In da lamba kake shiga, ka tabbata +227 aka zaɓa sannan lambobinka 8. Lambar Najeriya in ka sa +234 sai ka cire sifirin farko, amma ta Kodibuwa ba a cirewa bayan +225, kuma ku tuna tun 2021 lambobinsu suka koma 10, wanda ya buɗe kont can da daɗewa ya lura da wannan.

Akwai kuma wadda ke da wuyar faɗa wa mutum saboda yana rantsuwa. Wataƙila modipas ɗin da ke kanka tsoho ne. An taɓa canza shi bara, tsohuwar salula ta adana sabon tana shigar da kai da kanta, kai ba ka sake rubutawa ba har ka manta an canza. In tsohuwar na hannunka, shiga Chrome ka nemi wurin kalmomin sirri da aka adana, ko ka buɗe passwords.google.com, za ka ga wanda take amfani da shi na gaskiya. Wasu ma ba su taɓa yin modipas a wannan aplikasiyon ba sam, Continuer avec Google suka danna ranar farko, to shi za su sake dannawa yanzu da adireshin da suka yi amfani da shi.

To yanzu ƙofa ta biyu, wadda ita ce ta fi kawo mini mutane. Kalma ta shiga, an ce an aika kod, kod bai zo ba. Tambayar farko, wace lamba aka aika wa? Suna nuna maka lambobi biyun ƙarshe, duba su da kyau. Wani dattijo ɗan kasuwar albasa da ya dawo daga Abijan ya zauna nan kan benci yana riƙe da salula yana jiran saƙo har aka kira la'asar, da na karɓa na duba sai na ce Baba ai wannan layinka na can ne. Ya yi shiru, ya ce sim ɗin yana cikin aljihun jakarsa a Abijan wajen ƙanensa. Allah ya taimaka layin bai mutu ba, muka kira ƙanen ya sa shi cikin tasa ya karanto mana. Da layin ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani na iya rufe shi har ya ba wani, to nan fa aiki ya yi tsawo. In layinka na nan gida ne ya ɓace, ka tafi ajans da katin shaidarka su maido maka da lambarka, wannan ya fi komai sauƙi. In sim na ciki kuma saƙo bai zo ba, gwada a aiko maka saƙo daga wata salula ka ga ko yana shiga, duba rezo, duba wurin saƙonnin da aka toshe, kashe ka kunna, sannan ka zaɓi a kira ka da murya maimakon saƙo in an ba ka zaɓin.

Wani lokacin ba saƙo ba ne, tambaya ce Google ke turawa tsohuwar salula a ce ka danna Oui. In tana gida, kunna ta ka sa mata konekisiyo ka danna, shi ke nan. In babu ita, danna Essayer une autre méthode ka ga abin da za su ba ka, ko imel na biyu, ko Codes de secours, wato kod 10 masu lamba 8 da ake ba mutum ya ajiye, in ka taɓa rubuta su a kaye yau ce ranarsu. In duk babu, sai g.co/recover, kuma ka yi shi a inda ka saba shiga, da wifi ko layin da ka saba, ya fi karɓuwa. In VPN na kunne kashe shi tukuna, ga sabuwar salula ga shi kuma kamar daga wata ƙasa kake, dole su yi zargi.

Agogo ma ka duba, mutane suna raina wannan. Salula sabuwa ko ta hannu da ta daɗe a kashe takan zo da kwanan wata na wata shekara can ko lokacin wata ƙasa. In kwanan wata ya kauce sosai, haɗin tsaro ba ya yiwuwa, a Chrome har za ka ga NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Masu amfani da Google Authenticator kuwa abin ya fi shafarsu, domin kod ɗin nan mai lamba 6 duk sakan 30 yake canzawa kuma da agogon salula ake lissafa shi, minti biyu kawai in ya kauce za a ce kod ba daidai ba. Shiga Paramètres, nemi Date et heure, kunna na otomatik, lokacinmu na Nijar GMT+1 ne. Kuma ka sani sauke Authenticator a sabuwa ba ya nufin kod ɗinka sun biyo ka, sai in dama ka haɗa shi da kont ɗin Google, in ba haka ba sai ka buɗe tsohuwar ka shiga Transférer des comptes ka ɗauki hoton QR da sabuwar.

WhatsApp shi ba ya da modipas, kod mai lamba 6 yake aikowa layinka. In bayan nan ya nemi PIN, wannan wanda kai ka sa ne da kanka, ba na sim ba ne ba kuma na buɗe ekaran ba. In ka manta kuma ba ka sa imel ba, sai ka jira kwana 7, babu mai gyaran da zai gajarta maka, wanda ya ce kawo jikka biyu ya buɗe yanzu kuɗinka kawai zai ci. Aplikasiyon banki da na tura kuɗi su kuma da yawansu a ɗaure suke da salula guda ko da sim, in sun ƙi kar ka yi ta gwaji har a toshe, kira lambarsu da ke jikin katinka ko ka je da ƙafarka.

Masu sayen ta hannu, in kun kunna bayan an formate ta tana neman kont ɗin Google kuma naku ya ƙi, ba naku take nema ba, na mai ita na farko take nema. Ku koma wajen wanda ya sayar muku shi ya buɗe, in ya kasa ku karɓi kuɗinku, domin tana iya zama ta sata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda zai zo ya ce ai na riga na sayar da tsohuwar jiya, na goge komai, sim ɗin ma na ba yaro. In har yanzu taka na hannunka, riƙe ta kwana biyu uku, sai ka shiga duk kont ɗinka a sabuwar ɗaya bayan ɗaya, ka duba lambar da imel ɗin da ke kan kowane ka sa na yanzu, sannan ka formate. Kuma cikin kwanakin nan in wani ya kira ya ce daga kamfani yake, ko aboki ya rubuto wai kod ɗinsa ya shigo maka bisa kuskure ka turo, kar ka ba shi, ko ni na tambaye ka a waya kar ka ba ni. Wanda ya bi duk wannan bai yi ba, ya zo da salula biyun da sim ɗin, ina shago daga safe har magariba ban da lokacin sallar Juma'a.