Shirin gudun kilomita 10 cikin mako takwas: daga 2 ga Nuwamba zuwa 26 ga Disamba, Jidda

Ƙanina Bashir,

Ga shirin da ka roƙe ni. Na gina shi a kan abin da na sani game da kai: shekararka 36, aikinka tuƙi, ka wuni a zaune cikin mota, rabonka da gudu tun ƙwallon unguwa. Na kuma san za ka iya tafiyar minti 30 da sauri ba ka tsaya ba, don na gani da idona ranar da muka yi Umra tare. Tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, sau bakwai ya ba da kilomita uku da ɗoriya, ka gama ba ka ko zauna ba. Daga nan za mu ɗora.

Za mu fara Lahadi 2 ga Nuwamba, mu gama Juma'a 26 ga Disamba a Kornish, hanyar bakin tekun Jidda, bayan sallar Asuba. Na zaɓi wannan lokacin ne don zafi da gumin Jidda sun fara sauka. Kafin ka fara, ka biya asibitin unguwa a auna maka jini da suga. Hawan jini na cikin danginmu, kuma ba ya sallama kafin ya shigo. In likita ya ce a dakata, to a dakata.

Yadda kowane mako zai kasance

Gudu kwana uku: Lahadi, Talata, Juma'a. Juma'a ce ranar dogon zango, tunda ita ce ranar da ba ka da aiki. Litinin, Alhamis da Asabar hutu. Laraba ƙarfafa jiki a ɗaki, minti 15 kacal: tsuguno ka miƙe sau 10, ɗage dunduniya ka tsaya a kan yatsu sau 15, ka kifa ciki ka dogara da gwiwar hannu jiki a miƙe daƙiƙa 20. Ka maimaita duka sau biyu.

Na ajiye hutu a Litinin da Alhamis da gangan, don na san kana azuminsu wani lokaci.

Ranakun hutun nan su ne abin da na fi jin tsoron ka raina. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu. Cikin mako biyu ko uku za ka ji numfashinka ya buɗe, ka ji kamar za ka iya fita kullum. Amma jijiyar agara, ƙashin ƙwauri da gwiwa sun fi su nawa, watanni suke ɗauka. Gudu yana ɗan gurje jiki, gyaran kuma a lokacin hutu da barci ake yin sa. Wanda ya hana jiki wannan lokacin, ƙwaurinsa ne zai fara ƙara. Ni haka ta same ni shekarar da na fara: kwana shida a jere na yi, a na bakwai ko matakalar gida ban iya sauka ba sai da na dafa bango, na yi wata guda a zaune. Ba na so ka bi ta nan. Ranar hutu ka yi aikinka, ka taka zuwa masallaci, shi ke nan.

Dokar sauri ɗaya ce: ka yi gudun da za ka iya yin hira a cikinsa. In ba ka iya faɗar jumla guda ba tare da haki ya yanke ta ba, ka rage. Sassarfa muke nema. Kowace fita ka buɗe ta da tafiyar minti 5, ka rufe ta da tafiyar minti 5. Ban sa su cikin lissafin da ke ƙasa ba.

Mako na 1 (2 zuwa 8 ga Nuwamba)

Lahadi da Talata: gudu minti 1, tafiya minti 2, sau 8. Juma'a: haka dai, sau 10.

Za ka ga kamar wasa ne, ka so ka ƙara. Kar ka ƙara. Cinya da sha-raɓa za su yi tsami, musamman kwana biyu bayan fitar farko. Wannan ba ciwo ba ne, zai wuce.

Mako na 2 (9 zuwa 15)

Lahadi: gudu 2, tafiya 2, sau 6. Talata: sau 7. Juma'a: kilomita 4 da wannan tsarin.

In har yanzu da tsohon kambas kake fita, wannan makon ka sayi takalmin gudu. Ba sai mai tsada ba. Ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka sa safar da za ka riƙa gudu da ita, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Wanda ya matse shi ke baƙanta farce.

Mako na 3 (16 zuwa 22)

Lahadi: gudu 3, tafiya 2, sau 6. Talata: gudu 4, tafiya 2, sau 5. Juma'a: kilomita 5, gudu 4 tafiya 2.

Kilomita biyar rabin hanya ke nan, kuma a nan gumi zai fara nuna maka halinsa. Iskar Jidda tana ɗauke da danshin teku, gumi ba ya bushewa a jiki, shi ya sa jiki ba ya hucewa da wuri ko da rana ba ta fito ba. Ka sha ruwa kofi ɗaya ko biyu da ka tashi Asuba, ka riƙe ƙaramar gora a hannu ranar Juma'a, ka riƙa kurɓa. Ma'auninka fitsari: in ya yi ja-ja-ja, ruwa bai ishe ka ba. Rigar auduga tana shan gumi ta yi nauyi ta riƙa gogar fata. Rigar ƙwallo ta fi. Ka shafa basilin a matsematsi da hammata kafin fita.

Mako na 4 (23 zuwa 29)

Makon sauƙi. Lahadi: gudu 5, tafiya 2, sau 3. Talata: gudu 5, tafiya 1, sau 4. Juma'a: kilomita 4 kawai.

Ba kuskure na yi ba, ragewa na yi. Jiki na bukatar ya cim ma aikin mako ukun da suka wuce. Ka nemi barci sosai a makon nan, awa bakwai in ya samu. Na san ɗauko fasinja daga filin jirgi da tsakar dare yana cinye maka barci. Duk daren da ka yi irin wannan aikin, ka ɗaga gudun safe zuwa bayan Isha, ko zuwa washegari, muddin ba za ka haɗa gudu biyu kwana biyu a jere ba.

Mako na 5 (30 ga Nuwamba zuwa 6 ga Disamba)

Lahadi: gudu 8, tafiya 1, sau 3. Talata: gudu 10, tafiya 1, sau 3. Juma'a: kilomita 6, kana tafiyar minti 1 bayan kowace kilomita.

Daga yanzu tsarin Juma'a ke nan har ranar ƙarshe: kilomita ɗaya gudu, minti ɗaya tafiya. Ka yi tafiyar tun ba ka gaji ba.

Mako na 6 (7 zuwa 13)

Lahadi: gudu 15, tafiya 2, gudu 15. Talata: minti 25 ba tsayawa. Juma'a: kilomita 7.

A nan nake so ka koyi bambance gajiya da rauni. Tsamin da ya mamaye ƙafa biyu, wanda ke saki in jiki ya yi ɗumi, gajiya ce. Zafin da za ka iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya, a ƙwauri ko gwiwa ko agara, wanda ke ƙaruwa kana gudu ko ya sa ka ɗingishi, wannan rauni ne ke tahowa. Ka tsaya, ka huta kwana uku. In bai tafi ba, a je a duba. Gudun da ya wuce ka kar ka rama shi. In mako guda ya kuɓuce, ka maimaita makon da ka tsaya a kansa, mu ɗaga ranar ƙarshe. Kornish ba inda za ta je.

Ciwon ƙirji, jiri, duhun ido, amai, ko ruɗewa kuwa ba a yi musu haƙuri. Ka tsaya nan take, ka nemi inuwa, ka kira taimako. Lambar motar asibiti 997. Waya da iƙama su kasance a jikinka duk fita.

Mako na 7 (14 zuwa 20)

Lahadi da Talata: minti 30 ba tsayawa. Juma'a: kilomita 8.

Wannan Juma'ar gwajin ranar ƙarshe ce. Kaya, takalmi, lokacin fita, abin da za ka ci, duk su zama irin na ranar 26. Dabino uku ko ayaba ɗaya da ruwa, kamar awa guda kafin fita. Ful da tamis a bar su sai an dawo, sun fi daɗi ma a lokacin. Daren Alhamis ka ci shinkafarka da wuri, ka rage maiƙo da yaji, kar a yi zaman shayi har ƙarfe ɗaya.

Ba za mu yi kilomita 10 kafin ranar ba. Wanda ya yi takwas da sauran ƙarfinsa, in ya huta mako guda, biyun za su zo.

Mako na 8 (21 zuwa 26)

Lahadi: minti 25 a hankali. Talata: minti 15. Laraba da Alhamis hutu, har motsa jikin ɗaki a ajiye shi. Ƙafarka za ta yi ta ƙaiƙayin fita, ka danne.

Juma'a 26 ga Disamba zan biyo maka kafin Asuba. Mu yi sallah a Masallacin Rahma da ke kan ruwa, mu tashi daga nan mu yi kudu kilomita 5 a bakin teku, mu juyo. In an wayi gari da ruwan sama ko ƙura, sai Asabar.

Kilomita uku na farko ka yi su a hankali fiye da yadda ranka ke so, don a nan sabon mai gudu ke ƙone ƙarfinsa. Daga 4 zuwa 7 ka riƙe taki ɗaya, kafaɗa a sake, taku gajeru. Ta takwas da ta tara za su yi nauyi, zan kasance a gefenka ina ƙirga maka fitilun hanya. Ta ƙarshe, in da saura a jikinka, ka sake ƙafa. Ina sa ran za mu gama tsakanin awa ɗaya da kwata zuwa awa ɗaya da rabi, kuma duk inda agogo ya tsaya a ciki ya yi.

Bayan nan kwana uku ba gudu. A tsawon shirin, kowace Juma'a da dare ka turo mini abu uku: nisan da ka yi, awa nawa ka yi barci a makon, da inda ke maka ciwo in akwai. Da su zan san ko a ci gaba ko a maimaita mako.

Yayanka,
Auwalu