Aikin da Gas ke Yi Idan ta Buɗa: Hanyar Aisotamal da Hanyar Adiyabatik

Takardar bita ga ɗaliban kimiyyar fiziks na aji ɗaya, Sakkwato

A ɗauko gas na ƙa'ida, wato wanda ke bin PV = nRT, a rufe shi cikin silinda mai fistin. Idan gas ya tura fistin waje ya yi aiki, kuma ƙaramin aikin da ya yi a kowane motsi shi ne dW = P dV. Jimillar aikin ita ce filin da ke ƙarƙashin layin da aka zana a jadawalin P da V. A wannan takarda W na nufin aikin da gas ya yi a kan abin da ke waje, don haka doka ta farko ita ce ΔU = Q − W.

Duk lissafin da ke tafe na buɗawa ce mai iya komawa baya. Ma'ana, ana rage nauyin da ke kan fistin kaɗan-kaɗan, babu gogayya, ta yadda matsin ciki da na waje kusan ɗaya suke a kowane lokaci. Wannan sharaɗin ne ya ba mu damar sa matsin gas ɗin kansa a cikin P dV.

Hanyar aisotamal

Nan matakin zafi T ba ya canzawa. Bangon silinda yana barin zafi ya ratsa, kuma silindar na jingine da wani babban abu wanda zafinsa ba ya raguwa don an ɗiba. Tunda P = nRT/V, kuma nRT tsayayye ne:

```
W = nRT ln(V2/V1) = nRT ln(P1/P2)
```

Makamashin cikin gas na ƙa'ida ya dogara ne kan T kaɗai. T bai motsa ba, saboda haka ΔU = 0, Q = W. Duk jul ɗin da gas ya kashe wajen tura fistin, daga waje ya shigo a matsayin zafi. Gas ɗin hanya ce kawai da makamashi ya bi ya wuce.

Hanyar adiyabatik

Nan an rufe ƙofar zafi, Q = 0. Gas zai tura fistin, amma daga aljihunsa zai biya: W = −ΔU. Dole ya huce. Idan aka haɗa nCv dT = −P dV da PV = nRT, aka tara, za a sami:

```
P V^γ = tsayayye,   T V^(γ−1) = tsayayye,   γ = Cp/Cv
W = nCv(T1 − T2) = (P1V1 − P2V2)/(γ − 1)
```

Ga gas mai atom guda kamar hiliyam da agon, Cv = 3R/2, γ = 5/3. Ga mai atom biyu kamar naitrojin da oksijin, haka ma iskar da muke shaƙa, Cv = 5R/2, γ = 1.4 a zafin ɗaki.

Misali ɗaya, hanya biyu

Mu ɗauki mol 1 na iska a 313 K, wato kusan digiri 40 na Salsiyos, irin zafin azahar ɗin watan Afrilu a Sakkwato. Matsin farko 200 kPa ne. Da R = 8.314 J/(mol·K), nRT = 2602 J, girman farko kuwa V1 = 2602/200000 = 0.0130 m³, lita 13 ke nan. Za a bar gas ya buɗa har girmansa ya ninka, lita 26.

Ta hanyar aisotamal: W = 2602 × ln 2 = 2602 × 0.693 = 1804 J. Matsin ƙarshe 100 kPa, T na nan a 313 K, kuma zafi 1804 J ya shigo.

Ta hanyar adiyabatik sai an fara nemo T2:

```
T2 = 313 / 2^0.4 = 313 / 1.3195 = 237.2 K
W  = 1 × 20.785 × (313 − 237.2) = 1575 J
P2 = 200 / 2^1.4 = 75.8 kPa
```

Iskar da ta fara a digiri 40 ta ƙare a digiri 36 ƙasa da sifili, don kawai girmanta ya ninka. A gwada da ɗaya tsarin: P2V2 ya fito 1972 J, sai (2602 − 1972)/0.4 = 1575 J. Amsa ɗaya ce, kuma ya kamata a saba yin wannan gwajin a jarrabawa, don ba ya cin minti guda.

To me ya sa 1575 ya gaza 1804? A hanyar aisotamal abu ɗaya ne ke rage matsi, wato ƙaruwar girma. A adiyabatik abu biyu ne suka taru: girma na ƙaruwa, T kuma na faɗuwa. Shi ya sa daga wuri guda a jadawalin P da V, gangarar layin adiyabatik ta ninka ta aisotamal sau γ: dP/dV = −P/V ga aisotamal, −γP/V ga adiyabatik. Layin da ya fi saurin gangarowa yana ƙasa, filin da ke ƙarƙashinsa kuwa ya fi ƙanƙanta. Wanda ya iya zana waɗannan layuka biyu daga ɗigo ɗaya ya riga ya san amsar kafin ya taɓa kalkuleta.

Da hiliyam ne maimakon iska, aikin aisotamal ba zai canza ba, 1804 J, domin babu Cv ko γ a tsarinsa. Na adiyabatik kuwa zai ragu: T2 = 313/2^(2/3) = 197.2 K, W = 12.471 × 115.8 = 1444 J. Gas mai atom guda ajiyarsa kaɗan ce, 3R/2 kan kowane kelbin, don haka yana saurin hucewa.

Tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu ba tsayayya ba ce. Idan girma ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 kawai, aisotamal na ba da 248 J, adiyabatik 243 J, da ƙyar za a bambanta su. Idan aka ninka girma sau 10, aisotamal na ba da 2602 × 2.303 = 5992 J, adiyabatik kuwa 3916 J, iskar ta sauka zuwa 124.6 K. Akwai abin lura a nan. Aikin aisotamal ba shi da iyaka, ln(V2/V1) na ci gaba da hawa muddin akwai zafin da zai shigo. Aikin adiyabatik yana da rufi: ko an buɗa har abada ba zai wuce nCvT1 ba, wanda a misalinmu 6506 J ne. A zahiri ma ba a kai can, domin a matsin sararin duniya iska na zama ruwa a wajen 80 K, tun kafin nan PV = nRT ta fara sauka daga layi.

Girma ɗaya ko matsi ɗaya?

Nan ne tambayoyi ke yawan kama ɗalibai. A misalin sama an tsaya ne a girman ƙarshe ɗaya. Wata tambayar za ta ce a buɗa har matsi ya sauka zuwa 100 kPa. Ga aisotamal babu bambanci, rabin matsi shi ne ninkin girma. Ga adiyabatik tsarin ya zama:

```
T2 = T1 (P2/P1)^((γ−1)/γ) = 313 / 2^0.2857 = 256.77 K
W  = 20.785 × 56.23 = 1169 J
```

Fistin ya tsaya a lita 21.3, bai kai 26 ba. Aikin ya ƙara raguwa domin tafiyar ma ta gajarta. Kafin a ɗora biro a takarda, a ja layi ƙarƙashin abin da tambaya ta tsayar: V2 ne ko P2.

Idan an juya, aka matse gas

Lamarin sai ya kife. Matse mol ɗin nan daga girmansa zuwa rabi ta hanyar aisotamal na buƙatar 1804 J. Ta adiyabatik T na hawa zuwa 313 × 1.3195 = 413 K, aikin da ake buƙata kuwa 20.785 × 100 = 2079 J. Gas ya yi zafi, yana ƙara turjiya. Duk wanda ya taɓa kan injin hura taya na mai faci yana cikin aiki ya ji wannan zafin a hannunsa. Dalilin ke nan da ake yi wa kan injin haƙarƙarin ƙarfe don iska ta sanyaya shi, manyan injinan matse iska kuma ake raba su mataki-mataki da na'urar sanyayawa a tsakani: ana ƙoƙarin jawo aikin kusa da layin aisotamal don a rage man da ake ƙonawa. Injin dizal akasin haka yake so, yana matse iska da sauri har zafinta ya kunna man ba tare da fulogi ba.

Wuraren da lissafi ke lalacewa

Sa Salsiyos a madadin kelbin. Wanda ya rubuta 40 maimakon 313 zai sami 231 J a madadin 1804 J.

Danna log a madadin ln. log 2 = 0.301, amsa ta zama 783 J.

Amfani da Cp a aikin adiyabatik. 29.1 × 75.8 zai ba da 2206 J, wanda ya zarce na aisotamal. Da ganin haka an san akwai kuskure, domin a buɗawa daga wuri guda zuwa girma guda adiyabatik ba ta taɓa fin aisotamal. Cv ake amfani da shi ko da girma na canzawa, saboda ΔU = nCvΔT gaskiya ce ga gas na ƙa'ida ta kowace hanya aka bi.

Haɗa ma'aunai barkatai. kPa sau lita na ba da jul kai tsaye, haka Pa sau m³. Pa sau lita kuwa zai kumbura amsa sau 1000.

Alamar aiki. Littattafan kemistiri da yawa na rubuta ΔU = Q + W, inda W aikin da aka yi a kan gas ne, sai amsar buɗawa ta fito da alamar ragi. Duka biyu daidai ne, amma a rubuta wanda aka zaɓa a layin farko, kada a sauya a tsakiya.

Mafi tsanani shi ne amfani da waɗannan tsare-tsare inda buɗawar ba mai komawa baya ba ce. Da an cire nauyin gaba ɗaya, gas ya tura fistin da matsin waje tsayayye 100 kPa har ya kai lita 26 a 313 K, aikin P(V2 − V1) ne, wato 1301 J, ba 1804 ba. Idan kuma gas ya kwarara cikin wurin da babu komai, a cikin akwati da zafi ba ya ratsawa, W = 0, Q = 0, T ba ya canzawa. Wannan ma adiyabatik ce tunda zafi bai shiga ba, amma PV^γ ba ta aiki a kanta ko kaɗan.

A duniyar zahiri gudu ne ke nuna wace hanya ta fi kusa da gaskiya. Abin da ke tafiya a hankali cikin bango mai ratsa zafi yana kusa da aisotamal, mai sauri kuwa yana kusa da adiyabatik. Newton ya lissafa gudun sauti da tsarin da ya yi daidai da aisotamal, wanda ke ba da kusan mita 280 a daƙiƙa a digiri sifili, alhali abin da ake aunawa kusan 331 ne. Laplace ne ya gyara a 1816 da ya nuna matsewar iska a cikin sauti adiyabatik ce, aka ninka da √γ. Zagayen Carnot na 1824 kuma, wanda za mu shiga a darasi na gaba, layuka biyu na aisotamal da biyu na adiyabatik ne suka haɗa shi.

Aikin gida

Mol 2 na agon a 300 K ya buɗa ta hanya mai komawa baya har girmansa ya ninka sau 3. A nemo W, Q da ΔU ga kowace hanya, a zana layukan biyu a jadawali ɗaya. Don duba amsa: aisotamal 5480 J; adiyabatik T2 = 144.2 K, W = 3885 J. Sannan a sake lissafin adiyabatik idan matsi ne ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku, a kawo shi ajin bita ranar Laraba.