Takarda ga Ma'aikata: Damfarar Waya da Shigar Burtu, da Tsarin Horon Mako Huɗu

Daga: Manaja
Zuwa ga: Dukkan ma'aikata 14, har da direbobi da masu gadi

Abokan aiki, barkanku da aiki.

Wasunku sun ji abin da ya faru ranar Talatar makon jiya. Wani ya kira ofishin akanta ya ce daga kamfanin da ke kawo mana kwalaye yake, wai sun canja banki, a tura kuɗin wannan wata sabon asusu kafin a tashi aiki. Ya san sunana, ya san lambar takardar neman biyan da suka aiko, har ya tambayi lafiyar mai kula da sito. Akanta ta ce masa za ta neme shi, ta ajiye waya, ta kira lambar da ke jikin yarjejeniyarmu da su. Suka ce ba su san zancen ba. Mun tsira, amma da wani ne ya ɗauki wayar fa? Wannan tambayar ce ta sa na zauna na tsara abin da ke ƙasa.

Yadda suke shigowa

Ɗan damfara irin wannan ba ya wahalar da kansa da fasa kwamfuta. Mutum yake nema, ya sa shi ya buɗe ƙofa da hannunsa. Dabararsa ta farko shigar burtu: ya ari suna da matsayi, ya shirya labari mai kama hankali. Yau ma'aikacin banki ne, gobe mai gyaran intanet, jibi jami'in haraji ko sabon ma'aikacin da ya manta kalmar sirri. Kafin ya kira ya yi bincike. Sunayenmu suna shafukan sada zumunta, hotunan ofis suna nuna wanda ke zaune a ina, takardun da muka jefa kwandon shara ba mu yayyaga ba suna ɗauke da lambobi. Sau da yawa kiran farko ba ya neman komai sai ɗan bayani, kamar "wa ke sa hannu idan manaja ba ya nan?" Amsar da kuka ba shi ita ce jarinsa a kira na biyu.

Waya ta fi imel haɗari saboda ba ta ba ka damar tunani. Saƙo za ka iya karanta shi sau uku, ka nuna wa na kusa da kai. Mai kira kuwa yana jin numfashinka, in ka yi jinkiri ya ƙara matsa lamba: za a rufe asusu nan da minti goma, maigida ya ce kada kowa ya ji, kai kaɗai za ka iya fitar da ni. Gaggawa, tsoro, sirri da kunya, da su yake aiki. Kunyar ce ta fi damuna, don an tarbiyyantar da mu kada mu yi wa babba musu, shi kuwa ya san haka sarai.

Kada lambar da ta fito a fuskar waya ta ruɗe ku, ana iya sa ta nuna lambar banki ko tawa. Murya ma ba shaida ba ce. A 2019 an kwaikwayi muryar shugaban wani kamfani na Jamus, aka sa shugaban reshensu na Birtaniya ya tura Yuro 220,000. Kuma kada wani ya ce sai marasa wayo ake kamawa. A watan Yulin 2020 da kiran waya aka yaudari wasu ma'aikatan Twitter, aka kai ga asusu 130, cikinsu har da na Barack Obama da Bill Gates. A Satumbar 2023 kamfanin otal-otal na MGM Resorts ya yi asarar kusan dala miliyan 100 a wani kutse da rahotanni suka ce ya faro ne daga kira zuwa sashen taimakon ma'aikata. Su suna da ƙarfin ɗaukar asara. Mu kuɗin wata ɗaya ya ɓace, albashi ya tsaya.

Ƙa'idojin da suka fara aiki daga yau

Duk wanda ya kira yana neman kuɗi, bayanin abokin ciniki ko canjin asusu, ku ce: "Na ji, zan kira ka ta lambar da muke da ita." Sai ku katse, ku kira da kanku ta lambar da ke cikin fayil ko bayan katin banki. Lambar da mai kiran ya bayar ba ta cikin lissafi. Wannan ya haɗa da ni. Idan kun ji muryata ina cewa a tura kuɗi yanzu-yanzu, ku katse ku neme ni, ba zan yi fushi ba.

Kalmar sirri, lambar kati da lambar OTP da ke shigowa waya ba a faɗa wa kowa, ko da ya rantse daga banki yake. Idan saƙon neman amincewar shiga asusu ya yi ta shigowa alhali ba ku ne ke shiga ba, kada ku danna don ku huta, ku sanar. Ba a sauke manhaja irin AnyDesk ko TeamViewer don wani ya ce zai gyara kwamfuta daga nesa. Canjin asusun mai kawo kaya sai da hannu biyu, akanta da mataimakin manaja. Baƙon da ya ce gyara ya zo yi ya jira a wurin zaman baƙi har a tabbatar da wanda ya kira shi.

Tsarin horo

Za mu riƙa zama kowace Laraba daga ƙarfe 8:15 zuwa 9:00 na safe, mako huɗu a jere.

Mako na farko na kowa da kowa ne. Akanta za ta ba da labarin kiran da bakinta, mu warware shi tare: me mutumin ya sani, daga ina ya samo, a wace gaɓa ta ji jikinta bai ba ta ba.

Mako na biyu shi ne ƙashin bayan shirin, kuma ba lacca. Za a zauna biyu-biyu, baya da baya, ɗaya ɗan damfara, ɗaya mai amsa waya, minti uku sai a juya. Na rubuta labarai shida, cikinsu akwai maigida mai faɗa da abokin ciniki mai magiya. Abin da nake so shi ne bakin kowa ya saba da katse kira cikin ladabi. Na san za a yi dariya, ba laifi, amma kowa sai ya faɗi kalmomin nan da ƙarfi aƙalla sau biyar, domin ranar da abin ya zo da gaske, abin da harshe ya saba da shi ne zai fito.

Mako na uku za a rabu. Masu taɓa kuɗi su bi matakan biya ɗaya bayan ɗaya su sabunta jerin lambobin masu kawo kaya. Sakatariya, direbobi da masu gadi su zauna da ni kan baƙi da tambayoyin da ba a amsawa.

Mako na huɗu gwajin rahoto ne: an riga an faɗa tarko, yanzu fa? A kira banki nan take a nemi tsayar da kuɗin, a canja kalmar sirri, a rubuta lokaci da lambar da ta kira da abin da aka faɗa, a sanar da ni, sannan mu kai ƙara ga hukuma.

Bayan haka, sau ɗaya duk wata uku wani da ba ku san muryarsa ba zai kira don gwaji. Ba za a kafe sunan wanda ya faɗa ba, zama za mu yi mu biyu. Abin da zan riƙa ƙirgawa shi ne mutum nawa suka kawo rahoto da kuma minti nawa suka ɗauka. Wanda ya yi kuskure na gaske ya faɗa da wuri, babu hukunci a kansa, na sa hannu a kan wannan. Ɓoyewa ce laifi. Sabon ma'aikaci zai yi zama na ɗaya da na biyu a makonsa na farko, kafin a ba shi kalmar sirri.

Gobe sakatariya za ta manna kati a jikin kowace wayar ofis, ɗauke da kalmomin katse kira da lambobin da aka tabbatar. Wanda ke hutu ranar Laraba ya sanar da ita kafin Litinin, a shirya masa zaman ramuwa ranar Juma'a da safe.

Manaja