Zazzagowar mahaifa: takardar da za a karanta wa mata a zaman asusu

Assalamu alaikum iyayena da ƴan'uwana. Ni ungozoma ce, wadda kuke ce wa sajifam, ina aiki a ɗakin duba mata a nan Maradi. Shugabar asusunku ce ta roƙe ni in rubuto wannan, domin ta ce akwai mata uku a cikinku da suka kai mata kuka iri ɗaya a ɓoye, kowacce tana zaton ita kaɗai ce. A karanta a hankali, idan an sallami yara.

Bara da kaka wata inna ta zo mini daga wani ƙauye na wajen Madarunfa. Ta haifi tara. Da na ce ta zauna, sai ta ɗosana gefe ɗaya na kujera kamar mai maruru. Na ce, Inna me ke tafe da ke? Ta ce ciwon baya. Sai da ƴar da ta rako ta ta fita sayen kati, sannan ta rage murya ta ce, "Ƴata, wani abu ne ke fito mini." Shekara shida tana naɗe tsohon zane tana tare shi. In fitsari ya kama ta, sai ta sa yatsa ta tura abin ciki kafin ya zubo. Ko mijinta bai sani ba, ta dai ce masa tsufa ya zo. Har yau in na tuna shekara shidan nan sai raina ya sosu, domin abin da ya sauƙaƙa mata bai ɗauke mu minti ashirin ba.

Ga abin da ke faruwa. A ƙasan mara akwai wata tsoka shimfiɗe kamar faifai, daga ƙashin gaba zuwa ƙashin baya. A kanta mahaifa ta zauna, mafitsara a gabanta, hanyar bayan gida a bayanta, kuma akwai jijiyoyi da suka riƙe su daga sama. In tsokar da jijiyoyin suka saki, kayan sai su gangaro cikin farji. Wata mafitsararta ce ke turo bangon gaba, wata hanyar bayan gida ce ke turo bangon baya, wata mahaifar ce da kanta ke sauka, kuma sau da yawa biyu ko uku ne tare. Har wadda aka cire wa mahaifa, saman farjinta na iya zazzagowa daga baya.

Haihuwa ce babbar mai sassauta wurin, musamman doguwar naƙuda, ɗa mai girma, haihuwa kusa da kusa, da yin nishi kafin bakin mahaifa ya gama buɗewa. Bayan ita sai aikin ƙarfi: daka, jan guga a rijiya mai zurfi, jarka a ka, damin itace. Sai tari mai daɗewa, taurin bayan gida, ƙiba, da ɗaukewar al'ada, lokacin da naman wurin ke yin siriri ya bushe. Ba sammu ba ne, ba aikin kishiya ba ne, kuma ba ciwon daji ba ne. Ba basir ba ne, shi ta dubura yake fitowa. Haka nan ya bambanta da yoyon fitsari, irin wanda ake yi wa aiki a Danja, domin shi huda ce a mafitsara, fitsari na zuba dare da rana ba tsayawa.

Mu a wurin aiki mataki huɗu muke lissafawa, kuma bakin farji ne ma'auninmu. A mataki na 1 abin ya sauko amma yana can ciki, fiye da santimita 1 sama da baki, mace ma ba ta cika sanin yana nan ba. A mataki na 2 ya iso daidai baki, ko kaɗan ciki ko kaɗan waje. A na 3 ya wuce baki da fiye da santimita 1, ana ganinsa kamar ƙwai ko lemo. A na 4 komai ya juyo waje. Shi ya sa in muna dubawa muke ce miki ki yi tari ko ki yi nishi, wani lokaci ma a tsaye, domin a kwance abin komawa yake yi ya ɓuya.

Lambar matakin ba ita ce ke yanke hukunci ba. Na ga mai mataki na 2 da ta kasa zuwa kasuwa saboda nauyin mara, na ga mai na 3 da ke nomanta ba ta damu ba. Abin da muke tambaya shi ne me ya hana ki. Alamun da mata suka fi faɗa mini: nauyi ko ja a ƙasa kamar abu zai faɗo, yana ƙaruwa da yamma bayan wunin aiki, yana lafawa in an kwanta, jin kamar an zauna kan dunƙule, fitsari na ɗiga in an yi tari, atishawa ko dariya, a yi fitsari a tashi a ji bai ƙare ba, ciwon sanyin fitsari da ke ta dawowa, bayan gida ya maƙale sai an danna da yatsa, rashin daɗi ko zafi wajen kwanciyar aure. Akwai kuma waɗanda ba a jira da su ko kwana ɗaya. In fitsari ya tsaya cak, in abin ya fito ya ƙi komawa, in ya yi gyambo yana jini ko wari, ko kika ga jini bayan al'ada ta ɗauke, ki taho. Mataki na 4 da aka bari yana iya lanƙwasa hanyar fitsari har ya taɓa ƙoda. Kuma don Allah a daina cusa magani, kanwa ko sassaƙe a wurin, kuma a daina tsuguno kan hayaƙi mai zafi. Naman ƙonewa yake yi, aikinmu ya ƙara wuya.

Maganin farko shi ne motsa tsokar nan ta ƙasan mara, wanda wani likita Ba'amurke mai suna Arnold Kegel ya bayyana a 1948. Ba ya cin ko dala. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwashe gwiwa. Ki matse ƙasa kamar kina cikin taron biki tusa ta zo kina riƙe ta, a lokaci guda kuma kamar kina riƙe fitsari, sannan ki ja sama zuwa cibiya. Kada ki riƙe numfashi, kada ki matse cinya ko ɗuwawu, kada ki tura ƙasa. Ki ɗora hannu a ciki, in ya yi tauri sosai to ba tsokar kike kamawa ba. Da farko ki riƙe kina ƙirga uku, ki saki kina ƙirga uku. Sannu a hankali ki kai goma. Ki yi sau 8 zuwa 12, ki bi da matsi gajeru guda goma, matse saki, matse saki. Sau uku a rana. Ni nakan ce wa mata su ɗaura shi ga salla: bayan asuba, bayan azahar, bayan lisha, tun ba a naɗe tabarma ba. In kin ƙware sai ki yi a zaune, sannan a tsaye. Kada ki riƙa gwadawa kina cikin yin fitsari, yana hana mafitsara zubar da komai. Kuma ki saba da matsewa kafin ki yi tari ko ki ɗaga tulu.

Gaskiyar da zan faɗa muku: sai an yi wata huɗu ba fashi kafin a auna amfaninsa, kuma mataki na 1 da na 2 ya fi yi wa aiki. Mahaifar da ta riga ta fito waje ba za ta koma da shi ba, sai dai ya rage ɗigar fitsari. Ku haɗa da gyaran ciki, wato ruwa da yawa, zogale, rama, kuɓewa, wake. Mai tari ta nemi magani. Jarka ɗaya babba a raba ta sawu biyu.

In wannan bai isa ba, hanya biyu ce, zobe ko aikin tiyata. Zoben, wanda a faransanci ake kira pesar, na roba ne mai laushi, ana lanƙwasa shi a sa cikin farji ya buɗe ya tallafe kayan kamar gammo. Ba na tsarin iyali ba ne, ba ya hana ciki, ba ya shiga cikin mahaifa, ba ya ɓacewa cikin jiki. Ba a sa barci, ba a yanka. Yana da girma daban-daban, kuma ba kullum ake dace da na farko ba. In na sa, sai in ce ki tashi ki zagaya, ki tsuguna, ki je ki yi fitsari. In ya zauna daidai ba za ki ji shi ba. Da mai siffar zobe ana kwanciyar aure, amma akwai wasu masu kauri na babban zazzago da ba a yi da su. Innar nan ta Madarunfa shi na sa mata. Da ta dawo daga ban ɗaki ta tsaya bakin ƙofa tana kallona, ta ce, "Ƴata, ban taɓa komai ba fitsarin ya zubo."

Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma a kansa nake da tsanani: dawowa. Duk wata huɗu zuwa shida a cire, a wanke, a duba naman, ko kuma a koya miki cirewa da mayarwa da kanki. Yana iya ƙara ruwan gaba, yana iya goge nama ya yi jini, shi ya sa wadda al'adarta ta ɗauke akan ba ta wani man shafawa mai sinadarin mata. Zoben da aka manta shekaru yana iya nutsewa cikin nama har ya huda mafitsara. Don haka in kin san damina na yanke hanyarku, ko ba mai ba ki kuɗin mota, ki faɗa mini tun farko.

Aiki kuwa iri-iri ne. Ana ɗinke bangon gaba ko na baya, ana cire mahaifa ta ƙasa ba tare da an tsaga ciki ba, ana kuma iya barin ta a ɗaure ta ga jijiya mai ƙarfi. Ga tsohuwa mai rauni wadda ta bar kwanciyar aure har abada akwai ɗinke farjin gaba ɗaya, aiki ne gajere amma ba a warware shi. Amfanin aiki a fili yake, ba ki da zobe, ba ki da zirga-zirga. Sai dai akwai zubar jini, akwai ƙwayar cuta, wata ɗigar fitsari kan bayyana mata bayansa, kuma zazzagon na iya dawowa, musamman ga wadda ta koma turmi da wuri. Aƙalla mako shida ba kaya mai nauyi, ba daka, ba miji.

A ganina, mai son ƙara haihuwa ta fara da zobe, domin ciki da naƙuda na iya warware ɗinki. Mai ciwon zuciya, hawan jini ko sukari da bai daidaita ba, ita ma zobe. Wadda ta gama haihuwa, abin ya fito sosai, zobe na faɗowa ko yana ji mata ciwo, ko ba za ta iya dawowa dubawa ba, ita ce nake turawa wajen likitan mata a cibiyar uwa da yaro ta Maradi. Gwada zobe ba ya hana aiki daga baya. Kafin a sa ranar aiki kuma ina so in ji sunan wadda za ta yi miki daka da ɗiban ruwa na mako shida, in da hali a kauce wa lokacin girbi. Nan ne asusunku zai yi rana, ku yi mata karɓa-karɓa kamar yadda kuke yi wa mai jego.

Mai zuwa ta zo da katinta na awo in tana da shi, da duk maganin da take sha. Kada ta kwanta hutawa kafin ta taho, gara ta zo bayan ta yi ƴan aikace-aikacenta, abin ya fi bayyana. Mai jin kunya ta ce wa na bakin ƙofa ciwon mara ne, sauran bayani sai mun rufe ƙofa.