Aji Biyu, Kwas ɗin Fassara: Tambayoyi Kan Sakin Layin Jiya

Ku sake duba fassarar Turanci da muka karanta, inda Ladidi ta ƙi kiran sunan ɗanta na fari a gaban surukarta.

1. Mai fassara ya mayar da "kunya" kalmar da ke nufin jin nauyin aikata laifi. Wane laifi Ladidi ta yi? In ba ta yi ba, me Bature zai ɗauka game da ita, kuma ina "kara" ta shiga?

2. Turanci bai bambanta "kai" da "ke". A wane layi wannan ya ɓoye wanda ake yi wa magana?

3. An zubar da "wai" gaba ɗaya. Shin har yanzu ana jin shakkar surukar?

4. Fassara "sannu da aiki" da kanka. Kada ka wuce kalma biyar. Na san da wuya.

A kawo ranar Laraba.