Takardar neman gurbin sanin makamar aiki a ofishin Magatakardan Kotun Sasanci

Tsangayar Shari'a,
Jami'ar Bayero, Kano.
3 ga Maris, 2025.

Magatakarda,
Kotun Sasanci,
Kano.

Ranka ya daɗe,

NEMAN GURBIN SANIN MAKAMAR AIKI NA WATA UKU

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗaliba ce a aji biyar, na karkata ga dokokin ƙasa da ƙasa. Ina neman a ba ni dama in yi aiki a ofishinka daga Yuli zuwa Satumba. Kundin kammala karatuna a kan zartar da hukuncin sasancin ƙetare yake, bisa Yarjejeniyar New York ta 1958 da Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023.

Aikin da na fi so a damƙa mini shi ne lissafin wa'adi. A ƙa'idojin sasanci na UNCITRAL, hukumar dokokin cinikayya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake ƙara yana da kwana 30 ya amsa sanarwar sasanci, mai ƙalubalantar ɗaya daga alƙalan kuma kwana 15. Ƙirge yana farawa ne washegarin ranar da takarda ta isa hannu. Idan ranar ƙarshe ta faɗa a hutun hukuma a inda mai karɓa yake, sai a matsa zuwa ranar aiki ta gaba. A nan ake yawan tuntuɓe, musamman da hutun Sallah, wanda ba kullum Kano da Yamai ke yin sa a kwanaki ɗaya ba. Shi ya sa zan riƙa adana shaidar isar kowace takarda, domin rashin sanarwa yadda ya kamata yana cikin dalilan ƙin zartar da hukunci a sashe na 5 na Yarjejeniyar.

Zan iya jera hujjoji da lambobinsu, C-1 na mai ƙara, R-1 na wanda ake ƙara, in tabbatar duk abin da ɓangare ɗaya ya aiko wa kotu ya isa ga ɗayan, in bi sawun kuɗin ajiya. Kafin hukunci ya fita, zan duba kwanan wata, wurin sasanci da sa hannu; idan wani alƙali bai sa ba, sai an rubuta dalili.

Sirri kuwa ba na wasa da shi. A shari'ar Najeriya da kamfanin P&ID, cikin abin da kotun Landan ta dogara da shi a 2023 har da yadda takardun sirrin lauyoyin Najeriya suka faɗa hannun abokin shari'a. A shirye nake in sa hannu a alƙawarin riƙe sirri.

Ina jin Hausa da Turanci, ina kuma karanta Faransanci, abin da zai yi amfani a takardun 'yan kasuwar Nijar. Na haɗo da tarihin karatuna, sakamakon jarrabawa da takardar shaida daga mai duba kundina. Ina iya zuwa ganawa kowace Alhamis.

Taka mai biyayya,
Hadiza Sani